Yadda na shawo kan ciwon muƙamuƙi

Wata uku ina jin "ƙas" a gaban kunnena na dama duk sanda na yi hamma ko na tauna kilishi. Da asuba ciwon ya fi tsanani, ashe cije haƙora nake yi cikin barci. Likitan haƙori ya ɗora yatsa a mahaɗar muƙamuƙin, ya ce tsokar wurin ce ta gaji.

Na bar cingam da goro da aya, na koma kunu da tuwo mai laushi har sati biyu. Safe da dare ina gasa wurin da tsumma mai ɗumi minti 15. In hamma ta zo, sai na tallafe haɓa da hannu. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne rufe leɓe ba tare da haƙora sun haɗu ba.

Ƙarar tana nan jefi-jefi, amma ciwon ya tafi. Likitan ya ce in bakin ya ƙi buɗuwa, in koma nan take.