Kada ka tafi Landan da agogon sallar Birnin Kebbi

Ɗan'uwa, mu a Birnin Kebbi da Gusau mun tashi mun tarar ana Azahar wajen ƙarfe biyu, La'asar ƙarfe huɗu, har wasu suka ɗauka agogo ne ya yanka lokacin. Alhali rana ce ta yanka shi. Azahar na shiga idan rana ta gushe daga tsakiyar sama, La'asar kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya, idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ƙara inuwar da yake da ita a lokacin zawali.

Wannan ƙarin shi ne ke ruɗa baƙo. Duniya a karkace take kewaya rana, karkatar digiri 23.4, shi ya sa rana ke hawa sama sosai a watan Yuni, ta yi ƙasa a Disamba. Garuruwanmu na wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka sauyin bai taka kara ya karya ba. Landan kuwa tana digiri 51.5.

Kafa sanda mai tsawon mita ɗaya ranar 21 ga Disamba. A Birnin Kebbi inuwarta da zawali ba ta cika mita ɗaya ba. A Landan rana ba ta wuce digiri 15 a sama ko da tsakar rana, sai inuwar ta kai mita 3.7. Da zarar ta kai mita 4.7 La'asar ta shiga, kuma ranar da ke ƙasa haka ba ta daɗewa kafin ta ja inuwa. Azahar na shiga wajen 12:00, La'asar wajen 1:40, rana ta faɗi kafin 4:00. Wanda ya jira ƙarfe biyu irin na gida ya fitar da Azahar daga zaɓaɓɓen lokacinta, wanda ya jira huɗu kuwa Magariba ce za ta same shi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin masu kiyaye salla ne abin ke ci. Idan kana aiki ko karatu, nemi hutunka ya faɗo tsakanin sha biyu da ɗaya da rabi.

Za ka kuma ga masallatai da yawa can suna jinkirta La'asar. Hanafiyya ne, suna jira inuwa ta ninka tsawon abu biyu bayan an ƙara inuwar zawali. Duba manhajar wayarka ka ga wane lissafi take bi.

A Yuni matsalar ta koma dare. Jadawalai da yawa na lissafa ketowar alfijir idan rana na digiri 18 ƙarƙashin sararin sama, amma a Landan daga ƙarshen Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli ba ta nutsewa haka, shafaƙi kan kwana bai ɓace sarai ba. A nan malamai ke ƙiyasta lokacin Isha'i da Asuba, shi ya sa jadawalai ke saɓawa. Ka karɓi na masallacin unguwarku ka tsaya a kansa, kuma ka tuna ana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, a maido shi a ta ƙarshen Oktoba.