Kurakuran da Dukawa Ke Yi Wajen Sa wa Aikin Hannunsu Farashi a Legas

Idan aka tambayi baduku a Agege ko Idi-Araba yadda ya yanke kuɗin jakar da ya ɗinka, amsar da aka fi ji ita ce ya haɗa kuɗin fata da na sauran kaya, sannan ya ɗora wani abu a kai. Wannan abin da ya ɗora shi yake kira riba, alhali kuwa a cikinsa ne ladan aikinsa da kuɗin haya da kuɗin mota suke cunkushe, ba tare da an ware wa kowanne rabonsa ba. Daga nan yawancin kurakuran suke tasowa, kuma hanya mafi sauƙi ta ganinsu ita ce a bi lissafin jaka guda daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman da za su biyo misali ne kawai, sai kowa ya musanya su da nasa.

A ce jakar mata ce ta jar fatar akuya irin wadda ake kawowa daga Kano ko Sakkwato. Fata ta ci naira 9,000, shafi da zif da zare da gam da ƙarafa da aka sayo a Mushin sun ci 3,500, jimilla 12,500. Baduku ya sayar a kan 18,000, ya tafi gida yana ganin ya ci ribar 5,500.

Kuskuren farko shi ne mantawa da kuɗin da ke fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Hayar rumfa, kuɗin mota zuwa Mushin sayen kaya da zuwa Lekki kai wa masu shago, wuta, katin waya da gyaran keken ɗinki, a ce duka sun kai 48,000 a wata. Idan jaka goma sha biyu yake kammalawa a wata, kowace jaka tana ɗauke da 4,000 daga wannan nauyi. Ribar 5,500 ta koma 1,500 ke nan. Jakar kuwa ta ci awa goma sha huɗu tsakanin yanka, rini, zane da ɗinki, wato ladan kowace awa bai fi naira 107 ba. Don a sami abin gwadawa, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Jihar Legas ta sanar a watan Oktoban 2024 naira 85,000 ne a wata, wanda idan aka raba shi a kan kwana 26 na awa takwas-takwas, kowace awa za ta tashi a kan kusan naira 409. Mutumin da ya shekara goma yana koyon dukanci yana karɓar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, kuma bai sani ba.

Kuskure na biyu ya fi wuyar ganewa, domin yana kama har wanda ya fara ƙidaya lokacinsa. Mai sana'a yakan raba abin da yake so ya samu a kan dukan awannin da ya yi a waje, alhali ba dukansu ne ke haifar da abin sayarwa ba. A cikin awa 208 na wata, awa 168 kaɗai badukun namu ya yi a zaune da basilla a hannu, wato jaka goma sha biyu sau awa goma sha huɗu. Sauran arba'in ɗin sun tafi a cunkoson motoci, zaɓen fata, ciniki da amsa saƙonnin masu tambayar farashi waɗanda ba su saya ba. Duk wanda ya taɓa tashi daga Agege zuwa Lekki ya dawo a rana ɗaya ya san arba'in ɗin ma an yi sassauci. Gyaran shi ne mutum ya fara yanke wa kansa albashi, ta hanyar duba abin da gidansa ke ci a wata da kuma abin da zai biya wani gwani kamarsa da ya ɗauke shi aiki, sannan ya raba a kan awannin zama kaɗai. Idan 150,000 ya yanke, ladan awa ya kusa naira 900, ladan jaka guda kuma 12,600. Yanzu ainihin abin da jakar ta ci shi ne 12,500 da 4,000 da 12,600, wato 29,100, kuma sai abin da ya haura wannan ne ya cancanci a kira shi riba. A ce ya tsaya a kan 33,000.

Akwai iyaka a nan da ya kamata a faɗa. Lokacin da za a ƙidaya shi ne na hannun da ya goge, ba na almajirin da ke ɗaukar kwana huɗu a kan aikin kwana biyu ba, domin mai saye ba zai biya kuɗin koyo ba. Kuma kada a dogara da ƙiyasi: a rubuta lokacin farawa da na tashi a kan jaka uku ko huɗu a jere, a ɗauki matsakaicinsu.

Wajen kuɗin kaya ma ana tuntuɓe. Wasu suna lissafa fata da farashin da suka saye ta wata uku da suka wuce, sai su sayar su koma kasuwa su tarar kuɗin ba zai sayo irinta ba. Farashin da za a sa a lissafi shi ne na ranar da za a sake saye. Haka kuma fatar da aka saya gaba ɗayanta ake lissafawa, har da gefe da wuraren tabo da aka zubar, da wadda funfuna ta ɓata a daminar Legas mai danshi.

Sai kuskuren la'ada, wanda na lissafi ne zalla. Idan mai shago a Lekki zai cire kashi 25 cikin ɗari na abin da aka sayar, baduku yakan ɗora kashi 25 a kan 33,000, ya sami 41,250. Amma la'adar daga 41,250 za a cire ta, sai abin da zai dawo hannunsa ya gaza 31,000. Daidai shi ne ya raba 33,000 da 0.75, wanda ya ba da 44,000, domin idan an cire 11,000 zai karɓi 33,000 cif.

Ciniki kuwa al'adarmu ce, ba wanda zai hana taya da albarka. Abin da ke jawo asara shi ne shiga ciniki ba tare da sanin inda za a tsaya ba. Wanda ya san jakarsa ta ci 29,100, idan aka ce masa, "Malam, a bar mini a ashirin da biyar, ai ni mai saye ce kullum," zai iya cewa, "Hajiya, albarka, ƙasa da ashirin da tara sai dai in biya daga aljihuna," kuma gaskiya ya faɗa.

Tambayar da ta rage ita ce abin da za a yi idan kasuwa ta ƙi 33,000, musamman da yake jakunkunan inji masu araha sun cika kasuwar Balogun. Rage ladan kai shi ne matakin da aka fi garzayawa gare shi, amma lissafin ya nuna wasu ƙofofin. Idan aka yanka fatar jaka shida a zama ɗaya da ma'auni guda, aka kuma rage zanen da ke cin lokaci ba tare da mai saye ya lura da shi ba, har aikin ya sauko daga awa goma sha huɗu zuwa goma, ladan jaka zai koma 9,000, kuma jaka kusan goma sha bakwai za su fita a wata, nauyin haya da mota a kan kowacce ya ragu zuwa kimanin 2,800. Jakar ta koma cin 24,300, ana iya sallama ta a 28,000 ba tare da an taɓa albashin baduku ba. Idan ko a hakan ba ta shiga ba, to wannan samfurin ba na wannan kasuwa ba ne, sai a kai shi inda ake neman aikin hannu, ko a mayar da awannin kan takalma da ƙananan jakunkunan kuɗi, bayan an yi musu irin wannan lissafi.