Yadda Ake Sauya Kaya a Hoton Talla Ba Tare da Taɓa Bango da Haske Ba

A ce kwalbar turare ce aka canza wa fasali, kuma da Photoshop za a yi aikin.

Da farko, ɗauki hoton sabuwar kwalbar daga kusurwa ɗaya da tsohuwar. Duba inuwar tsohon hoton: in ta faɗi dama, fitila tana hagu, can za ka ajiye taka. Wannan matakin ba ya gyaruwa daga baya, domin ƙyallin gilashi yana nuna inda haske ya fito.

Na biyu, zagaye tsohuwar kwalbar, ka share ta da Content-Aware Fill, wanda ke cike gurbin da kamannin bangon da ke kewaye, amma ka bar inuwarta in faɗin gindinsu ɗaya ne.

Sai ka yanko sabuwar da Pen Tool, ka sa Feather na fiksel 1 don kada bakinta ya yi kaifi, ka ɗora ta a kan Layer nata. Daidaita gindinta da inda tsohuwar ta zauna.

In ta yi kamar tana yawo a iska, inuwar gindi ce babu. Zana siririyar inuwa a ƙarƙashinta a kan wani Layer daban, ka sa Blend Mode ɗinsa a Multiply don ta saje da bangon. A ƙarshe, gyara hasken da Curves, amma ka haɗa shi da Layer ɗin kwalbar ta hanyar Clipping Mask don kada bangon ya canza.