Babi na 6: Wa ake tambaya a unguwarku idan an ji labari?

Ka lura da abin da ke faruwa idan rediyo ta sanar da wani sabon abu, misali a ce za a fara rigakafin yara mako mai zuwa. Kowa ya ji, amma ba kowa ne ke yanke shawara nan take ba, yawanci sai mutum ya je ya samu wani da ya yarda da shi ya ce "wai ka ji abin nan kuwa, ya kake gani?" To amsar da aka ba shi ita ce za ta sa ya kai yaransa ko ya rufe ƙofa. Masana sadarwa suna kiran wannan tafiyar saƙo a mataki biyu: daga rediyo ko jarida zuwa wasu tsirarun mutane masu bibiyar labarai, daga su kuma zuwa sauran jama'a ta hira.

A Amurka aka fara gano hakan, lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 1940. Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun riƙa komawa wajen mutum kusan 600 a yankin Erie na jihar Ohio wata-wata, daga Mayu har Nuwamba, suna son ganin yadda kamfe a rediyo da jarida ke juya ra'ayi. Sai suka ga kaɗan ne suka canja ɗan takara, kuma mutane sun fi ambatar hira da ɗan'uwa ko abokin aiki. Daga baya aka tambayi mata kusan 800 a garin Decatur na jihar Illinois, sakamakon ya fito a 1955 da sunan Elihu Katz da Lazarsfeld, kuma a nan ne abin da zai yi maka amfani yake. Wanda ake sauraro yawanci ba wani babba ba ne can sama, tsaranka ne, zamanku ɗaya, kawai dai ya fi ka bin labarin wannan fannin. Sannan kowane fanni da nasa: a harkar cefane mata masu babban iyali ake tambaya, a harkar ado kuwa 'yan mata.

To yanzu a ce an ba ka aikin wayar da kai kan rigakafi a unguwa mai gida 40. Kar ka tambayi mutane "waye babba a nan", don sunan mai muƙami ko mai kuɗi za su ba ka. Ka shiga gida 20, ka ce: "ranar da yaronki ya yi zazzaɓi na ƙarshe, wa kika fara yi wa magana kafin ki yi wani abu?" Rubuta sunan, duk sanda aka ambace shi ka ja layi ɗaya a gabansa. A ce ka gama ka ga wata dattijuwa da ta taɓa aikin asibiti tana da layi 9, wani mai sayar da magani 5, sauran ɗai-ɗai. Waɗannan biyun za ka fara zama da su, ka ba su bayani cikakke har da abin da ba daɗi, kamar cewa yaro na iya ɗan yin zazzaɓi ko wurin allurar ya kumbura na kwana ɗaya ko biyu, saboda idan ka ɓoye aka zo aka tambayi dattijuwar ba ta da amsa, mutuncinta ne ya zube, kuma ba za ta sake ɗaukar maganarka ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a ɗauka mai yawan surutu shi ne mai faɗa a ji. Shi ya sa ba a dogara da abin da mutum ya faɗa game da kansa, sai wasu sun ambace shi. Haka kuma idan ka ba mai faɗa a jin kuɗi ko riga mai tambari, jama'a za su ce an saye shi, alamar da za ka gane ita ce ana gaishe shi yadda aka saba amma an daina zuwa tambayarsa. Kar ka manta shi ma yana da nasa ra'ayin, yana tace saƙo, idan bai gamsu ba to tsoro zai yaɗa ta hanyar nan dai.

Ƙa'idar ma tana da iyaka. Babban labari yawanci kai tsaye yake isa ga mutane, balle yanzu da waya ta yi yawa, kuma magana takan bi ta baki da yawa kafin ta zauna. Jin labari daban, yarda da shi daban, a wajen yardar ce mutanen nan suke da ƙarfi.

Aikin gida: zaɓi fanni biyu, lafiyar yara da neman aiki. Tambayi maƙwabta 10 wa suka nemi shawararsa na ƙarshe a kowanne, ka ja layuka, ka zo aji da takardar mu duba ko suna ɗaya ya fito a duka biyun.