Warware lissafin log daga hoton takarda

Da farko ka buɗa hoton sosai. A takardun da 'yan ajinmu ke turowa ta WhatsApp a nan Kano, ƙaramar lambar gindin log takan dushe, 2 ta koma kamar 7. Kwafe tambayar a littafi tukuna.

Misali: log₂x + log₂(x − 2) = 3.

Haɗa su: x(x − 2) = 2³ = 8, wato x² − 2x − 8 = 0, sai x = 4 ko x = −2.

Yanzu mayar da kowanne cikin tambayar asali, ba layin da ka haɗa ba, domin haɗawar ce ke shigo da amsar bogi. 4 ta ba da 2 + 1 = 3. Amma −2 ta faɗi, don log ba ya karɓar sifili ko abin da ke ƙasa da shi.

Haka in a wata tambayar ka sa y = 2ˣ ka samu y = −1, jefar da ita, don 2ˣ ba ya taɓa zama ƙasa da sifili.