Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen tsara takardar shiri mai akwatin tafintan kurame

Yawancin takardun shirin da masu koyo ke kawo mini a kan bidiyon da za a sa wa tafintan kurame, gida biyu ne kawai a cikinsu: abin da za a faɗa da hoton da za a nuna. Tafinta ba shi da gida ko ɗaya. Sai an gama naɗa an gama tacewa sannan a tuna da shi, a kira shi ya tsaya gaban kyamara, a manna shi a kusurwar allo. Daga nan duk sauran ɓarnar take farawa, kuma na gaji da gyara abu ɗaya a kowace takarda.

Babban kuskuren shi ne cika lokaci fal da magana. Tafinta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai magana. Dole sai ya ji yankin jimla ya fahimci inda ta dosa kafin hannunsa ya motsa, saboda jerin kalmomin Hausa daban, tsarin maganar hannu daban. Shi ya sa kullum yake baya da daƙiƙa biyu zuwa biyar, wani lokaci fiye idan jimlar doguwa ce. Mai rubutun da bai san haka ba sai ya lissafa sanarwar minti ɗaya ya zuba mata kalmomin minti ɗaya cif. Mai karatu ya rufe baki a daƙiƙa ta sittin, tambarin ƙarshe ya fito, tafinta kuwa yana tsakiyar jimlar ƙarshe aka ɗauke shi. Jimlar ƙarshe a sanarwa ita ce yawanci mafi nauyi: inda za a je, ranar da za a je, lambar da za a kira.

Ga yadda nake lissafina. A ce sanarwa ce ta minti ɗaya a kan haɗa ruwan gishiri da sukari a gida lokacin amai da gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kafin in rubuta kalma ko ɗaya sai na cire lokacin da ba na magana ba ne. Daƙiƙa 2 a farko, akwatin ya fito mai kallo ya gane inda tafinta yake. Daƙiƙa 4 a ƙarshe, tafinta ya kammala ya sauke hannu. Daƙiƙa 5 na kallon hoton cokali ba tare da magana ba. Wasu daƙiƙa 3 na numfasawa tsakanin gaɓoɓi. An ci 14, saura 46. Ni a irin wannan aiki kalma biyu nake ba kowace daƙiƙa, don haka kalma 92 ke gare ni, ba ɗari da hamsin ɗin da aka saba cusawa ba. Wasu abokan aikina suna ganin na cika ja da baya, mai karanta labarai ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. Amma sanarwar da ake son uwa ta riƙe awon gishiri a kanta ba labaran ƙarfe bakwai ba ce.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, don ya taɓa jawo mana asarar kuɗin naɗa gaba ɗaya. Shi ne rubuta “kamar yadda kuke gani” ko “ku zuba wannan a cikin wannan” a daidai lokacin da hoton ke wucewa. Mai ji yana sauraro da kunne yana kallo da ido a lokaci guda. Kurma da ido yake yin duka biyun. In ya kalli tafinta, hoton cokalin ya wuce. In ya kalli cokalin, bayanin ya wuce. Wata ƙungiya ta taɓa ba mu aikin irin wannan sanarwa, furodusansu ya nace sai hoto ya riƙa tafiya da murya don shirin ya yi armashi. Da aka nuna wa wasu mata kurame kafin a saka, aka tambaye su cokali nawa na gishiri, amsa ta rabu: wasu suka ce shida. Abin da ya faru shi ne, lokacin da tafinta ke nuna “shida” na sukari, hoton allo ya riga ya koma kan gishiri, saboda tafintar tana baya da daƙiƙa uku. Cokali shida na gishiri a lita ɗaya illa ne ga yaron da gudawa ta riga ta tsotse. Aka soke bidiyon, aka sake naɗa daga farko, kuɗin situdiyo da na tafinta duk daga aljihunmu.

Tun daga ranar ƙa’idata ba ta canza ba: a faɗa, a jira tafinta ya gama, sannan a nuna. Kuma alamar sauya hoto da hannun tafinta nake ɗaure ta, ba da bakin mai karatu ba. Ga yadda wannan gaɓar take a takardata:

```
00:18 MURYA:   Ku zuba sukari ƙaramin cokali shida, a shafe.
      TAFINTA: lamba 6, a riƙe; abu = sukari
      HOTO:    kwanon ruwa, kada a sauya
00:22 SHIRU 3  (har tafinta ta sauke hannu)
00:25 HOTO:    cokali a shafe, kusa
      TAFINTA: ta dubi hoto, hannu a ƙasa
00:30 MURYA:   Sai gishiri, rabin ƙaramin cokali kawai.
```

Ku lura da layin da ke cewa ta dubi hoto. Idan tafinta ta juya ido wajen allon ta tsaya, mai kallo ya san yanzu lokacin duba hoton ne, ba abin da zai wuce shi. In ba a rubuta ba, wasu tafintoci za su ci gaba da kallon kyamara, mai kallo ya ƙi ɗauke ido daga kansu yana jiran ci gaba. Sannan ku cire “wannan” da “nan” da “can” daga maganar, ku kira abu da sunansa. Tafinta sau da yawa ba ta ganin hoton da za a ɗora daga baya, don haka “wannan” ba ta gaya mata komai.

Akwai editocin da za su ce ai ba sai an yi duk wannan ba, tunda shirin naɗaɗɗe ne za su jawo bidiyon tafinta baya da daƙiƙa uku ya hau kan murya. Wannan dabarar tana aiki, ni ma ina yin ta, amma jinkiri kawai take gyarawa. Ba ta ƙara wa kurma ido na biyu, ba ta kuma gajarta fassarar da ta fi maganar tsawo. Wanda kuma zai ƙara wa bidiyon tafinta sauri don ya shige lokacin, don Allah ya bari. Siffar yatsu da motsin fuska su ne nahawun, in ka gaggauta su ka cinye ma’ana. Gara ka rage jimla ɗaya daga rubutun.

Sunaye da lambobi ma wani ramin ne. Sunan gari ko na mutum ko na magani da ba shi da alamarsa sananniya, harafi-harafi ake zana shi da yatsu. “Malumfashi” a baki bai kai daƙiƙa ɗaya ba, a hannu haruffa goma ne. Kwamishina da sarautarsa da sunayensa uku kuwa, ai sai a ci rabin sanarwar. Abin da nake yi, ina ja wa kowane suna layi a takarda, in ƙara masa daƙiƙa biyu ko uku a karon farko, daga nan a kira mutumin da muƙaminsa. Lambar waya mai lamba goma sha ɗaya ba na barin ta a baki kaɗai: a rubuta ta a allo, a yi shiru, a bar ta ta daɗe.

Kafin duk wannan, ku tambayi kanku da wace maganar hannu za a yi. Mutane suna ɗauka guda ɗaya ce a duniya. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya, irin ta Tudun Maliki a Kano, asalinta daga ta Amurka ne, ta hanyar aikin Andrew Foster, wani malami kurma ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ban da ita akwai maganar hannu ta Hausa wadda kurame suke yi a unguwa da kasuwa tun kafin zuwan makarantun. Kurman da bai yi boko ba, zanen haruffa da yatsu ba zai amfane shi ba sam, sai an siffanta masa abin, siffantawa kuwa ta fi cin lokaci. Wannan ya shafi lissafin daƙiƙoƙinku kai tsaye, don haka a rubuta a saman takarda wa ake nufi da shirin.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai na gan su. Idan mutum biyu ke hira, a rubuta sunan mai magana a farkon kowane layi a kuma bar ɗan tsaiko wajen sauyi, don tafinta ta karkata jiki ta nuna an canza baki. Sautin da ke da ma’ana, kamar kukan jariri ko ƙwanƙwasa ƙofa, a sa shi a gidan tafinta; kiɗan bango a rubuta cewa a ƙyale shi. Karin magana a rubuta abin da ake nufi da ita a gefe, in ba haka ba za ku ga an fassara “rigakafi ya fi magani” daidai, amma “komai nisan jifa” ta koma labarin jifa. A shirin kai tsaye da ya wuce minti ashirin, tafintoci biyu ne ke karɓeɓeniya, wurin sauyin kuma a sa shi a ƙarshen gaɓa, ba a tsakiyar amsar baƙo ba. Takardar ta isa hannun tafinta aƙalla kwana ɗaya kafin naɗa, ba a bakin ƙofar situdiyo ba.

Girman akwatin da mazauninsa su ma a shafin farko nake rubuta su, don mai tsara rubutun allo ya san inda ba zai taɓa ba. Hukumar Ofcom mai kula da kafofin watsa shirye-shirye a Birtaniya ta ba da shawarar kada tafinta ya gaza kashi ɗaya cikin shida na allo. A allon 1920 da 1080, wannan ya yi daidai da akwati mai faɗin 540 da tsayin 640. Ya kama daga saman kai zuwa ƙugu, da sarari gefe da gefe don kada gwiwar hannu ta fita. Duk inda sunan baƙo ko tambarin mai ɗaukar nauyi zai fito, ina rubuta “hagu kaɗai” kusa da shi idan akwatin yana dama. Ku kuma buɗe gwajin a waya kafin ku miƙa, a kashe sauti, a ba wani kurma ya kalla sau ɗaya, sannan a tambaye shi cokali nawa na sukari, nawa na gishiri.