Kurakuran Karanta Gwajin Amilez da Lifez a Ciwon Ƙahon Zuciya

Mutum ya zo asibiti yana riƙe da ƙahon zuciya, ciwon yana ratsawa har gadon baya, ga amai, ba ya samun sauƙi sai ya zauna ya sunkuya gaba. An ɗebi jini, sakamako ya dawo da jan layi a ƙarƙashin Amylase da Lipase, wato sinadaran narkar da abinci da fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ke fitarwa. Daga nan kuskure ke farawa.

Na farko shi ne a ga adadi ya wuce iyaka a ce shi ke nan, kumburin fankiriyas ne. Ƙa'idar Atlanta da aka sabunta a 2012 ta ce sai an sami biyu cikin uku: ciwon da ya yi kama da na fankiriyas, ko amilez ko lifez da ya kai aƙalla ninki uku na iyakar sama, ko hoton ciki da ya nuna kumburin. Iyakar ta bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, don haka a duba wadda aka buga a takardar. A ce iyakar lifez 60 U/L ce. Ninki uku ya zama 180. Mai 900 tare da irin wancan ciwo ya cika sharaɗi. Mai 110 bai cika ba, sai a ci gaba da bincike.

Wannan ɗan hawan da bai kai ninki uku ba shi ya fi ba ni tsoro. A ce matashi ne, amilez ɗinsa 240 inda iyaka take 100, cikinsa ya ƙage kamar katako, ko taɓawa ba ya bari a yi. Idan aka ce fankiriyas ne aka maƙala masa ruwa aka tafi, ana iya wayar gari da gawa, domin olsa da ta huda ko hanjin da taifod ya huda su ma suna ɗaga amilez. Hoton ƙirji a tsaye yakan nuna iskar da ta taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma maganinsa tiyata ce ta gaggawa. Haka toshewar hanji, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, shi ya sa ba a tsallake gwajin ciki ga macen da ke shekarun haihuwa. Hangum ma na ɗaga amilez, ƙodar da ta gaza kuma tana ɗaga duka biyun. Dattijo kuwa a yi masa gwajin zuciya na ECG, don bugun zuciya na ɓuya a wannan wuri.

Sai mantawa da lokaci. A tambayi mara lafiya: "Baba, yaushe ciwon ya fara?" Amilez yana tashi cikin awa 6 zuwa 12, ya sauka cikin kwana 3 zuwa 5. Lifez yana tashi cikin awa 4 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, ya daɗe kwana 8 zuwa 14. Wanda ya shafe kwana biyar a gida yana shan maganin olsa daga kemis zai iya zuwa da amilez lafiya lau alhali cutar na nan. Haka mashayin giya, da wanda maiƙo ya yi wa jini yawa har ruwan jinin ya yi fari. In gwaji ɗaya aljihu zai ɗauka, a zaɓi lifez. Haɗa biyun ba ya ƙara wani abin kirki.

Kuskuren da har ƙwararru ke faɗawa shi ne auna tsananin cuta da girman adadi. Mai lifez 3,000 yana iya komawa gida cikin mako guda, mai 400 ya ƙare a sashen kulawa ta musamman. Abin dubawa shi ne jikin: fitsari ya ragu? Numfashi na sama-sama? Awon jini ya faɗi? Yuriya da kiretinin, ma'aunan aikin ƙoda, na hawa? Gaɓar da ta gaza fiye da awa 48 ita ke nuna cuta mai tsanani. Saboda haka maimaita lifez kullum safiya ɓarnar kuɗin dangi ce, kuma ba a jiran ya sauka kafin a ba da abinci. Da zarar amai ya tsaya, ciwo ya lafa, a fara ba shi mara maiƙo.

Mu koma ga mai 900 ɗin nan. An tabbatar da cutar, saura musabbabi, kuma lifez ba zai faɗa ba. Idan ALT ɗinsa, wato gwajin hanta, ya haura 150 U/L, zargi ya karkata ga duwatsun matsarmama. A yi masa sikanin ciki, a tambaye shi batun giya a keɓe ba gaban surukai ba, a auna maiƙon jini da kalsiyam. Hoton CT ba na ranar farko ba ne sai in ana shakkar cutar, domin ruɓewar fankiriyas ba ta fitowa sosai sai bayan awa 72. In duwatsu ne kuma kumburin bai yi tsanani ba, a cire matsarmamar kafin a sallame shi, in ba haka ba ciwon yakan dawo.